Yadda waya za ta sanar da ɗalibi da zarar an saka sakamako ko jerin sunaye a shafin makaranta

Duk shekara, da zarar lokacin fitar sakamakon WAEC ko NECO ya gabato, ko manyan makarantu suka fara sakin jerin sunayen waɗanda suka ɗauka, ɗalibai da iyayensu kan shiga zaman jira. Wani ya buɗe shafin makaranta da asuba, ya sake buɗewa da hantsi, har dare, data na ƙarewa ba labari. Wani kuma ya gaji ya daina dubawa, sai ya ji labarin an saka sunansa bayan wa'adin biyan kuɗin amincewa da gurbin ya kusa cika. A wannan tsakanin ne 'yan damfara ke baza hanyoyin shiga na bogi a zaurukan WhatsApp da sunan sakamako ya fito.

Akwai hanyar da za a ɗora wa na'ura wannan gadin. Manhaja ce za ta riƙa buɗe shafin a kan lokaci, ta kwatanta abin da ta gani da wanda ta gani a baya, in an samu bambanci ta tura saƙo zuwa waya. Akwai shirye-shiryen manhajoji da ke wannan aikin, irin su Visualping da Distill da changedetection.io, kuma mai ɗan sanin kwamfuta na iya haɗa nasa da layuka kaɗan.

Wane ɓangare za a sa wa ido?

Nan ne aka fi yin kuskure. Mai farawa yakan ce a sanar da shi duk sauyin da aka samu a shafin gaba ɗaya. Amma shafuka da dama na ɗauke da kwanan wata, ko adadin masu ziyara, ko talla mai sauyawa. Sai waya ta yi ta ƙara dare da rana a kan abin da ba shi ake jira ba, daga ƙarshe mai ita ya daina kula saƙon, har na gaskiyar ya zo ya wuce.

Maganin shi ne a zaɓi kalma ɗaya ko jimla da ake sa ran bayyanarta. A ce wata ɗaliba na jiran jerin sunaye kashi na biyu a wata kwalejin kimiyya da fasaha. Ta duba sanarwar kashi na farko ta ga an rubuta "First Batch", don haka abin da za ta sa a nema shi ne "Second Batch". A kwamfuta mai Linux, ko a manhajar Termux ta wayar Android, umarnin zai kasance haka, inda za a maye gurbin adireshin da na shafin sanarwar makarantar:

```
curl -fsL https://example.com/news | grep -ci "second batch"
```

Umarnin na ɗauko shafin, ya ƙirga layukan da jimlar ta fito, ba ruwansa da babban baƙi ko ƙarami. Yau ya nuna 0. Ranar da ya nuna 1 ko fiye, an saka sanarwar. Idan kuwa tun ranar farko ya nuna 1, wataƙila sanarwar bara ce ke nan a shafin, sai a haɗa da shekarar karatu a cikin jimlar.

Yadda saƙon ke isa waya

Hanya mafi sauƙi kuma kyauta ita ce Telegram. Mutum zai nemo @BotFather a cikin manhajar, ya tura masa `/newbot`, ya ba sabon bot ɗinsa suna, sai a ba shi wata doguwar lambar sirri. Daga nan wajibi ne ya buɗe bot ɗin ya danna Start, domin bot ba ya iya fara tura wa mutum saƙo sai mutumin ya fara yi masa magana. Lambar hirar kuma ana samunta ta hanyar `getUpdates`. Tura saƙon layi ɗaya ne:

```
curl -s "https://api.telegram.org/bot<TOKEN>/sendMessage" -d "chat_id=<ID>" -d text="An saka Second Batch"
```

Wanda ba ya barin data a kunne zai fi son saƙon tes, amma wannan sai an biya kamfanin tura saƙonni, kuma layin da aka sa wa takunkumin hana saƙon talla ta lambar 2442 na iya ƙin karɓar wasu daga cikinsu. Sannan tes ɗaya na ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70, dogon saƙo ya rabu biyu, kuɗinsa ya ninka.

Sau nawa za a duba?

Duba shafi kowane minti 15 na nufin sau 96 a rana. Idan nauyin shafin kilobait 200 ne, kusan megabait 19 ke nan kullum. In aka mayar da shi minti 5, ya zama sau 288, kusan megabait 58. Jerin sunaye ba ya ɓacewa cikin minti goma, don haka minti 15 ko 30 ya wadatar. Mai matsa wa shafi da buƙata kowace daƙiƙa na iya sa a toshe shi, kuma yana ƙara wa shafin nauyi a ranar da dubban ɗalibai ke rububin shiga. Haka kuma, da zarar saƙo ya tafi sau ɗaya, a sa shirin ya tsaya, in ba haka ba zai riƙa maimaita saƙon duk bayan minti 15.

Shiru ya fi ƙarar banza haɗari

Ɗalibar da ba ta ga saƙo ba za ta ɗauka ba a saka komai ba, alhali mai gadin ne ya yi barci. Idan shafin ya faɗi ko data ta ƙare, umarnin da ke sama 0 zai nuna, daidai da yadda yake nunawa in babu sanarwa. Wasu makarantun kan saka sanarwa a matsayin hoto, ba rubutun da za a nema. Wasu shafukan kuma sai burauza ta buɗe su rubutunsu ke cika, `curl` ba ya ganin komai sai ƙwarangwal. Wayar Android ma kan kashe manhajar da ke aiki a bayan fage don tattalin batir.

Gwaji ɗaya na tona yawancin waɗannan matsalolin. Kafin a dogara da shirin, a nemi jimlar da ake ganinta da ido a shafin yanzu, wato "First Batch". Idan ya nuna 0, shirin makaho ne, sai a koma ga manhajar da ke buɗe shafi kamar burauza. Sannan a sa shi ya riƙa turo gajeren saƙo kowace safiya cewa yana nan yana aiki. Ranar da saƙon safe bai zo ba, a buɗe shafin da hannu.

Abin da ba zai yi ba

Wannan dabara na faɗin cewa an saki sakamako, ba ta faɗin makin da ɗalibi ya ci. Sakamakon WAEC sai da lambar jarrabawa da lambobin kati, na NECO sai da tokin, kuma kowannensu na da iyakar adadin dubawa. Bai kamata a miƙa waɗannan lambobi ga wata manhajar gadi ba, domin ban da haɗarin sata, na'urar da ke gwadawa akai-akai na iya cinye damar da ke kan katin. Ita kuwa JAMB tana da tata hanyar: ɗalibi ya tura UTMERESULT zuwa 55019 ko 66019 daga layin da ya yi rajista da shi.

Idan saƙon ya shigo, matakin da ya rage shi ne ɗalibi ya rubuta adireshin hukumar ko makarantar da hannunsa, ya tabbatar da sanarwar, ya duba ranar da wa'adi zai cika.