Ƙwan LED a mazaunin halojin: me ya sa direbobi ke ta filashin ɗinka?

Ka sayi ƙwan LED da kwalinsa ke alfahari da lumen 20,000, ka cire halojin H4 na motarka ka sa shi. Dare ya yi, duk motar da ta tunkaro ka sai ta yi maka filashin, kai kuma ba ka hango rami sai ka kusa faɗawa.

Ga dalili. Madubin cikin fitila an ƙera shi ne don siririyar wayar da ke ci a ƙwan halojin, a daidai wuri guda. A H4, ƙarƙashin wayar dim akwai ɗan murfin ƙarfe da ke tare haske kada ya haura idon mai tahowa. Idan ƙwayoyin LED suka kauce wa wannan wurin ko da milimita biyu, hasken sai ya watse sama da gefe, titi ya samu ragowa. Dim ɗin H4 lumen 1,000 ne kacal, amma madubin yana tura shi kan kwalta. A ƙa'idar Turai ma, dim da ya haura lumen 2,000 sai da na'urar wanke gilashin fitila da mai daidaita tsayin haske da kanta.

Kafin ka biya mai wayarin, yi gwajin bango. Tsaya mita 10 daga bango a shimfiɗaɗɗen wuri, kunna dim da tsohon ƙwan, ka ja layi da alli inda haske ya yanke. Sa LED, ƙwayoyinsa na kallon hagu da dama. In hasken ya haye layin, ko iyakar ta ɓace gaba ɗaya, mayar da halojin ɗinka.