Jini ɗaya, takardu biyu, lambobi daban

A ce ɗan kasuwa ne da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Maraɗi. An yi masa gwajin suga a Kano da sassafe kafin ya karya, takarda ta nuna 6.1. Bayan mako guda aka sake yi masa a Maraɗi, aka rubuta 1.10. Da ya dawo gida ya tsaga yatsa a 'yar na'urar maƙwabcinsa, sai ga 110. Dole hankalinsa ya tashi, alhali kuwa duk ukun magana ɗaya suke yi.

Amsar tana cikin ƙananan haruffan da ke gefen lambar, waɗanda yawancinmu ba ma kallo. Ɗakunan gwaji da yawa a Najeriya suna rubuta suga da mmol/L, wasu kuma da mg/dL, a Nijar kuwa an saba da g/L bisa tsarin Faransa. Kamar hatsi ne, wani ya auna da mudu, wani da tiya. Idan aka ninka 6.1 sau 18 za a sami kusan 110, kuma 110 mg/dL shi ne 1.10 g/L. Sai dai 18 ɗin na suga ne kawai. Gwajin ƙoda na kiriyatinin, misali, da 88.4 ake juya shi, don haka 1.0 da 88 duk abu guda ne.

Akwai kuma iyakar da ake bugawa kusa da sakamakon, wadda ke nuna abin da aka ɗauka daidai ne. Ita ma ba ɗaya ba ce a ko'ina. Kan cewa ciwon suga yana farawa daga 7.0 mmol/L a jinin wanda bai ci komai ba, an yi ittifaƙi. Amma a ina haɗari ke somawa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 6.1, ƙungiyar ciwon suga ta Amurka kuwa ta sauko da shi zuwa 5.6 tun 2003. Mai 5.8 ke nan zai ga an ja masa jan layi a wannan ɗakin, a wancan kuma a ce lafiyarsa lau. A wasu gwaje-gwajen kuwa, ana auna masu lafiya ne da yawa, a ɗauki kashi 95 cikin ɗari na tsakiya a matsayin iyaka. Ma'anarsa, mutum ɗaya cikin ashirin masu ƙoshin lafiya zai faɗa waje. Kuma iyakar ta danganta da mutanen da aka auna da na'urar da aka yi amfani da ita.

Inda na fi damuwa shi ne bambancin da lissafi ba ya gyarawa. Jinin da aka ɗiba a kwalba bai mutu ba, ƙwayoyinsa suna ci gaba da cin sugan da ke ciki, kusan kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari duk awa, matuƙar ba a raba su da ruwan jinin ba. Mu ɗauka sugan mutum 7.2 ne lokacin da aka zare allura. Aka ajiye kwalbar a kan tebur ana jiran a kawo wuta ko a tara na sauran mutane, har awa biyu. Abin da na'ura za ta gani bai wuce 6.5 ba. Mutumin ya tsallake layin ciwon suga ba tare da ya warke ba. Shi ya sa ake zuba jinin suga a kwalba mai murfi ruwan toka, wadda ke da sinadarin da ke rage wannan ci, ko da yake shi ma sai ya ɗauki lokaci kafin ya kama.

Hanyar awon ma tana da nata. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta yarje wa na'urar yatsa ta kauce da kashi 15 cikin ɗari idan suga ya kai 100 mg/dL ko ya fi, wato mai 110 zai iya ganin 94 ko 126 ba tare da na'urar ta lalace ba. A kiriyatinin kuwa, har yau ɗakuna da yawa na amfani da hanyar Jaffe, wadda ta samo asali tun 1886, saboda arha. Matsalarta, wasu abubuwa a jini da wasu magunguna suna ruɗa ta, ta ba da lamba sama da wadda sabuwar hanya za ta bayar, shawara kuma tana iya jawo ta ƙasa.

Saboda haka ne likita ba ya yanke hukuncin ciwon suga da sakamako ɗaya ga wanda ba shi da alamun cutar, sai ya sa a maimaita. Wanda kuma ake bibiyar sugansa ko ƙodarsa wata-wata, gara ya riƙe ɗakin gwaji ɗaya, ya je a yanayi iri ɗaya, kuma ya kai wa likita takardar kanta, domin lambar da aka karanto ta waya ba ta zuwa da ma'auninta ko iyakarta.