Kafin a Rufe Bashi, a Nemi Adadin a Rubuce

Mai son sauke nauyin rancen banki kafin wa'adi yakan ɗauka cewa sauran kuɗin da ke kansa adadi ɗaya ne da kowa ya sani. Ba haka abin yake ba. Abin da zai rufe bashi a yau ya danganta da yadda aka lissafa kuɗin ruwa, da ranar da biyan zai shiga, da tarar da yarjejeniya ta tanada. Saboda haka bai kamata a tura ko kwabo ba sai mai ba da rancen ya rubuta adadin rufewa, ya sa masa rana, ya sa hannu.

A ɗauki misalin ɗan kasuwar da ya karɓi naira 1,200,000 na wata 12, da ruwan kashi 3 cikin 100 duk wata a kan uwar kuɗin gaba ɗaya, irin lissafin da ƙananan bankuna da yawa ke yi. Ruwan ya kama 432,000, biyan wata kuma 136,000. Bayan biya shida, shi a lissafinsa saura 600,000, wato rabin uwar kuɗi. Banki kuwa yana iya cewa saura biya shida cif, 816,000, ba rangwame. Akwai kuma wani tsohon tsari da ke kasa ruwan shekara gida 78, ya ɗora 12 a watan farko, 11 a na biyu, har zuwa 1 a na ƙarshe. A wannan tsarin gida 57 sun riga sun tafi a wata shida, gida 21 kawai za a yafe, wato kimanin 116,300, sai adadin rufewa ya zama kusan 699,700. Rance ɗaya, rana ɗaya, amsa uku, kuma tsakanin ƙarama da babba akwai naira 216,000. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu ce ke nuna wadda ta dace, takardar rufewa kuma ita ke tilasta wa banki ya fito fili ya faɗi wadda ya bi.

Wani zai ce ai manhajar banki tana nuna sauran bashi. Tana nunawa, amma sau da yawa uwar kuɗi ce kaɗai, ba ta haɗa ruwan da ya taru tun biyan ƙarshe ba, balle tarar biya da wuri ko ta wani jinkiri na baya. Wanda ya tura abin da ya gani a waya yana iya barin 'yan dubbai a baya, asusun ya zauna a buɗe, ruwa yana hawa. A Nijeriya wannan ragowar tana da haƙora: sunan mutum yakan zauna a rajistar kamfanonin tattara bayanan masu bashi irin su CRC da FirstCentral, kuma tun shekarar 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna damar cire bashin da aka gaza biya daga asusun mutum na wasu bankuna ta lambar BVN. Maganar ma'aikacin banki a kan kanta ba ta zama hujja a irin wannan rana.

Wani kuma zai ce jiran takarda yana ƙara kwanakin ruwa. Gaskiya ne, sai dai kuɗin kwana kaɗan abu ne da ake iya lissafawa, saɓanin kuskuren da ba a san girmansa ba. Dokar Birtaniya ta 1974 kan rancen masu saye ta amince da neman adadin a rubuce: mai ba da rance yana da kwana 7 na aiki ya bayar da adadin, wanda akan lissafa shi zuwa kwana 28 gaba, domin mai biya ya sami sarari. Masu hulɗa da bankunan Musulunci ma ba su tsira daga buƙatar ba, domin a murabaha farashin sayarwa bashi ne tabbatacce, ragin biya da wuri kuwa galibi ganin damar banki ne, don haka sai an rubuta shi yake zama abin dogaro.

Takardar da ta cika za ta rarrabe sauran uwar kuɗi, da ruwan da ya taru, da ragin da aka yi, da kowace tara tare da sakin layin yarjejeniyar da ya halatta ta, da ranar da adadin zai daina aiki. Idan jimilla ɗaya aka bayar ba bayani, a mayar da ita. Bayan biya a soke umarnin cire kuɗi daga albashi, a karɓo takardun jingina, a kuma nemi takardar shaidar cewa babu sauran bashi. Bankin da bai warware koke ba cikin wa'adin da aka tanada, ana iya kai ƙararsa Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Banki, can kuwa takardu ake dubawa.