Cadakori: Yadda "eh" da "a'a" ke rikita zance tsakanin Hausa da Faransanci

A fadar samari a Cadakori, ƙaramar hukumar da ke gundumar Gidan Rumji a jihar Maraɗi, idan mai dafa shayi ya ga baƙo bai miƙo hannu ba, yakan tambaye shi: "Ba ka son shayi?" Baƙon da ya ce "eh", ko "awo" kamar yadda ake faɗa a Nijar, ba zai samu kofi ba, domin ya tabbatar da cewa ba ya so. Wanda ya ce "a'a" shi za a zuba wa, saboda ya ƙaryata zaton mai tambaya.

Wannan tsari bai taɓa damun Bahaushe ba. Matsalar tana tasowa ne idan zancen ya ratsa ta Faransanci, harshen da aka daɗe ana karatu da cike takardun aiki da shi a Nijar.

A Hausa, amsar tana bin maganar mai tambaya ne. "Eh" na nufin abin da ka faɗa haka yake, "a'a" kuma na nufin ba haka ba ne. Turanci da Faransanci kuwa suna duba aikin da kansa. Idan mutum ba ya son shayin, kalmar ƙi zai yi amfani da ita, wato "no" ko "non", ko da yaya aka juya tambayar. Ke nan amsa ɗaya ce Bahaushe ke bayarwa da "eh", Bafaranshe ke bayarwa da "non".

Faransanci ya ƙara da kalma ta uku, wato "si", wadda aikinta shi ne rushe tambayar da ke ɗauke da korewa. Wanda ya ce "si" yana son shayin. Malaman Larabci sun san irin wannan bambanci tsakanin "na'am" da "bala". Japananci kuwa yana tafiya ne kamar Hausa, don haka babu batun cewa wani tsarin kuskure ne.

Inda lamarin ya wuce na shayi shi ne aikin lafiya. A kowace damina ana raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Nijar, wata bayan wata. Ma'aikaci ne ke bayar da na ranar farko, uwa kuma ta bayar da na rana ta biyu da ta uku a gida.

A ce ma'aikacin ya dawo ya tambayi wata uwa: "Inna, ba ki ba shi na rana ta biyu ba?" Ta ce: "A'a." Nufinta ta ba shi. Amma idan takardar da ke hannunsa da Faransanci take, kuma ya fassara kalmar kai tsaye zuwa "non", zai rubuta cewa yaron bai sha ba. Da a ce ta amsa da "eh", ya rubuta "wi", da an lissafa yaron da bai sha ba cikin waɗanda suka kammala. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma takardar ta ɗauki akasin gaskiya. Irin haka na iya faruwa da tafinta a gaban alƙali, idan aka tambayi wanda ake tuhuma: "Ba ka je gonar ba?"

Wani abin da ke ƙara dagula lissafi shi ne ba kowane Bahaushe ke bin tsari ɗaya ba. Akan ji mutum ya ce "A'a, ba na so", musamman wanda ya saba da harsuna biyu. Saboda haka kalmar farko ita kaɗai ba hujja ba ce. Abin da ya biyo bayanta, "na ba shi" ko "ban ba shi ba", shi ke yanke hukunci. Amsar da ta tsaya a kalma ɗaya bayan tambaya mai korewa, alama ce ta cewa sai an sake tambaya.

Maganin ba shi da tsada. Mai tambaya ya cire korewar, ya ce: "Inna, kin ba shi na rana ta biyu?" A nan "eh" da "wi" sun zama abu ɗaya. Ko kuma ya ajiye mata zaɓi biyu: "Kin ba shi, ko ba ki ba shi ba?" Tafinta kuma ya fassara cikakkiyar ma'ana, ba kalmar amsa kaɗai ba.

A watan Maris na 2025, sabon kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki. Duk wanda zai mayar da takardar tambayoyi daga ɗayan harsunan nan zuwa Hausa, sai ya fara duba tambayoyin da ke ɗauke da "ba… ba" kafin ya zana akwatin "eh" da na "a'a".