Yadda Ake Rubuta Rahoton Tangarɗar Manhaja

Rahoton tangarɗa bayani ne da mai gwajin manhaja yake aika wa wanda ya rubuta ta idan ya ci karo da matsala. Ana shigar da shi a wuraren bibiyar matsaloli irin su Jira, ko Bugzilla da Mozilla ta fitar a 1998. Rahoto ya yi kyau ne idan mai gyara ya bi abin da aka rubuta, matsalar ta bayyana a gabansa ba sai ya koma tambaya ba.

A ɗauki misalin manhajar rajistar ɗalibai. Idan mai gwaji ya rubuta "sunaye suna lalacewa" kawai, ya bar mai gyara cikin duhu. Kanun da ya dace shi ne: "Harafin Ɗ yana komawa alamar tambaya bayan adana suna." Sai a faɗi sigar manhajar da irin wayar, misali siga ta 2.3 a kan Android 13, domin wata tangarɗar a wata siga kaɗai take fitowa.

Daga nan sai matakai, kowane da aiki ɗaya:

1. Buɗe shafin sabuwar rajista.
2. Rubuta Ɗanladi a gurbin suna.
3. Danna `Save`.
4. Buɗe jerin ɗalibai.

Bayan matakai a rubuta abin da ya kamata a gani, wato sunan ya fito Ɗanladi kamar yadda aka shigar da shi. A ƙarƙashinsa kuma a rubuta abin da aka gani: `?anladi`, tare da hoton fuskar wayar. Ana raba waɗannan biyun ne saboda bambancin da ke tsakaninsu shi ne tangarɗar, kuma wani lokacin mai gyara ya ɗauka cewa abin da ya faru daidai ne.

Ƙwararren mai gwaji yana taƙaita inda za a nemi matsalar. Zai ƙara da cewa Danladi da D marar lanƙwasa yana fita lafiya, Ƙ da Ɓ su ma suna lalacewa, harafin yana nan daidai lokacin rubutawa, kuma abin yana faruwa a kowane gwaji. Wannan yana karkata hankalin mai gyara zuwa rumbun bayanai. Tsarin `latin1` ba shi da Ɗ, don haka yakan maye gurbinsa da alamar tambaya, alhali `UTF-8` yana ɗauke da shi. Da baƙin haruffa biyu ne suka fito a wurin Ɗ, da alamar an adana shi daidai, wajen karantawa aka kuskure. Shi ya sa ake kwafo abin da ya fito harafi da harafi.

Kowane rahoto matsala ɗaya yake ɗauka, zato kuma a bayyana shi a matsayin zato. Bayan gyara, mai gwaji zai sake bin matakan nan huɗu a sabuwar siga, kuma ba a rufe rahoton sai sunan ya fito daidai.