Ma'aikaci Ne Ko Ɗan Kwangila? Bambancin da Ke Sauya Haraji

Mai shago a Kano ya ɗauki direba, ya kuma kira mai gyaran janareta. Dukansu suna karɓar kuɗinsa, amma matsayinsu wajen haraji daban ne.

Abin dubawa shi ne wa ke da iko da aikin. Direban yana zuwa lokacin da aka yanka masa, yana tuƙa motar maigida, albashinsa na fita duk wata. Wannan ma'aikaci ne. Maigida ne zai cire harajin albashinsa, ya miƙa wa hukumar haraji ta jihar da direban ke zaune kafin ranar 10 ga wata mai bi.

Mai gyaran kuwa da kayan aikinsa yake zuwa, shi ke yanke farashi, yana da wasu kwastomomi, in aiki ya lalace asararsa ce. Shi ne zai bayyana ribarsa ta shekara ya biya, ko da yake kamfanoni kan riƙe wani kaso daga kuɗinsa a matsayin kafin alƙalami na haraji.

Rubuta "ɗan kwangila" a takarda ba ya kare kowa. In hukuma ta gano albashi ne, maigida za ta bi bashin harajin, har da tara.