Kamfanin tsibiri da mai shi: abin da bincike ke iya nunawa

Duk lokacin da aka fallasa takardun sirri na kamfanonin ƙetare, maganganu biyu ne ke yawo a gari. Wasu su ce ai yanzu asiri ya tonu, da ka rubuta sunan kamfani a waya sai sunan mai shi ya fito. Wasu kuma su ce ɓata lokaci ne, kamfanin da aka yi wa rajista a tsibiri ba mai iya gano na waye. Kowace magana da ɗan gaskiyarta, kuma shari'ar gidan Nawaz Sharif, tsohon firaministan Pakistan, ta isa ta nuna inda kowace ta tsaya.

A unguwar Mayfair ta Landan akwai wani bene mai suna Avenfield House, inda iyalan Sharif suka daɗe suna zaune a gidaje huɗu. Wanda ya nemi takardar mallaka a ofishin rajistar filaye na Ingila zai samu amsa, domin wannan rajista a buɗe take ga duk wanda ya biya ɗan kuɗi. Sai dai sunayen da ke jikin takardun na kamfanoni biyu ne, Nescoll da Nielsen, dukansu masu rajista a tsibiran Birjin na Birtaniya, waɗanda aka fi sani da BVI. Mai bincike ya samu sunan kamfani da ƙasar da aka yi masa rajista, shi ke nan.

Idan ya bi sawu zuwa BVI, hukumar rajistar can za ta ba shi lambar kamfanin, ranar da aka kafa shi, ko yana raye ko an soke shi, da sunan wakilin da ya yi masa rajista da adireshinsa. Wannan adireshi yakan ruɗi mutane. Ofishin wakili ne a garin Road Town, kuma dubban kamfanoni ne ke amfani da shi, don haka ganin kamfanoni biyu a adireshi ɗaya bai nuna mai su ɗaya ba. Tun daga farkon 2023 ana iya biyan kuɗi a samu sunayen daraktocin da ke kai, amma darakta ba lalle ne ya zama mai dukiya ba. Akwai sana'a guda ta daraktocin aro: mutum ko wani kamfanin ya ba da sunansa a saka a takarda, ana biyansa ladan shekara, yana sa hannu a kan abin da aka umarce shi. Sunan mai kamfanin na ainihi yana wurin wakili da hukumomin tsibirin, kuma tun 2017 akwai tsarin da 'yan sanda da hukumomin haraji ke bi su same shi. Ba a shimfiɗa shi a fili don mai wucewa ba.

To ta yaya sunan gidan Sharif ya fito? Ta hanyar fallasa. A Afrilun 2016 aka bayyana Takardun Panama, kusan miliyan 11.5, daga ofishin lauyoyi na Mossack Fonseca. A ciki akwai wasiƙun 2012 da ofishin ya aika wa hukumar binciken kuɗi ta BVI, inda ya ambaci Maryam, 'yar Nawaz Sharif, a matsayin mai cin gajiyar kamfanonin biyu. Da waɗannan kamfanoni a hannun wani wakili suke wanda takardunsa ba su fita ba, da binciken da ɗan jarida zai yi ta hanyar rajista ya tsaya a Road Town.

Nan ne ya kamata a fahimci rumbun da ƙungiyar 'yan jarida ta ICIJ ta buɗe wa kowa, wato Offshore Leaks Database. Yana ɗauke da kamfanoni da asusun amana sama da 800,000, kuma da gaske kana iya rubuta suna ka ga zaren da ya haɗa mutum da kamfani da adireshi. Amma tarin abin da ya zubo ne daga wasu ofisoshi ƙalilan: Takardun Panama daga ofishi ɗaya, Takardun Pandora na 2021 daga ofisoshi 14. Saboda haka mai cewa "na duba, sunan wane ba ya ciki, ashe hannunsa a wanke yake" ya yi saurin yanke hukunci. Sunan Nawaz Sharif kansa bai fito a matsayin mai kamfanonin ba, na 'ya'yansa ne suka fito. Haka mai cewa "ga sunansa nan, ɓarawo ne" shi ma ya wuce gona da iri. Mallakar kamfani a ƙetare ba laifi ba ne a dokar yawancin ƙasashe, kuma ICIJ da kanta ta rubuta wannan gargaɗi a ƙofar rumbun. Ga kuma matsalar takwara, wadda mu muka fi kowa saninta: Muhammad Bello nawa ne a Kano kaɗai? Sai an haɗa suna da adireshi ko wata shaida kafin a ce wane ne. Bayanan kuma suna da ranar da suka tsaya, mai yiwuwa an sayar da kamfanin shekaru da suka wuce.

Abin da ya biyo baya a Pakistan ya fi komai koyarwa. Maryam ta ce ita amintacciya ce kawai, tana riƙe wa ɗan'uwanta Hussain, ta kuma kawo takardar amana mai ɗauke da kwanan watan 2006. Masu bincike suka ce an buga ta da salon haruffan Calibri, wanda bai shiga kasuwa ba sai 2007. A Yulin 2017 Kotun Ƙoli ta sauke Nawaz Sharif, amma dalilin da ta kafa hujja da shi albashi ne daga wani kamfani na Dubai da bai bayyana ba. A 2018 wata kotu ta yanke masa shekara 10, Maryam shekara 7, a kan gidajen Landan. Daga baya babbar kotun Islamabad ta wanke Maryam a 2022, shi kuma a 2023, bisa cewa masu gabatar da ƙara ba su tabbatar da zargin ba. Gwamnati ce mai ikon neman takardu daga wasu ƙasashe ta kwashe shekara bakwai a kan tambayar, kotuna kuma suka ba da amsoshi masu karo da juna. Asalin kuɗin da aka sayi gidajen, babu rajistar da ke rubuta shi.

Masu cewa ba abin da ya canja su ma ba su yi daidai ba. Daga Agustan 2022 Birtaniya ta wajabta wa kamfanonin waje masu gida ko fili a ƙasar su bayyana wa hukumar rajistar kamfanoni ta Companies House wanda ya riƙe sama da kashi 25 cikin ɗari, kuma kowa na iya dubawa kyauta. Gibin a bayyane yake: mutum biyar su raba daidai, kowa kashi 20, ba wanda ya kai ma'aunin hannun jari, idan kuma amana ce a tsakani, sau da yawa sunan amintacce za ka gani. A Tarayyar Turai baya aka koma, domin a Nuwamban 2022 kotun tarayyar ta soke buɗe irin wannan rajista ga kowa da kowa, a wata ƙara da ta taso daga Luksambag.

A Nijeriya dokar kamfanoni ta 2020 ta sa ma'aunin ya sauko zuwa kashi 5, kuma hukumar CAC ta buɗe rajistar masu iko da kamfanoni a 2023. Idan kamfanin BVI ne ke riƙe da hannun jarin wani kamfani a Legas ko Kano, ka'ida ta nemi a bayyana mutumin da ke bayansa. Sai dai abin da ke cikin rajistar, kamfanin ne da kansa ya cike shi, don haka mai bincike ya gwada shi da takardar fili, da bayanan kotu, da rumbun ICIJ kafin ya ɗora wa kowa suna.